SSD ta ɓace daga BIOS rana tsaka: me ke faruwa a ciki, kuma me ya sa dabarar kashe wuta da kunnawa ke dawo da wasu ta bar wasu

Abin yakan zo ne ba sallama. Mutum yana cikin aiki kwamfuta ta daskare, ko wuta ta ɗauke, ko ya danne maɓallin kashewa saboda ta ƙi motsi, da ya sake kunnawa sai ya ga baƙin allo da rubutu irin "No bootable device". Ya shiga BIOS ya duba jerin abubuwan ajiya, wajen da sunan SSD ɗin yake jiya yau wayam, kamar ba a taɓa saka komai a wajen ba. Daga nan ne shawarwari ke fara karo da juna, wani ya ce ta mutu kawai a sayi wata, wani ya ce a bar ta a jone da wuta na minti talatin za ta farfaɗo, wani kuma ya ce wannan ai camfi ne. Kowannensu yana da ɗan gaskiya, matsalar ita ce cuta uku ko huɗu ne daban daban suke nuna alama iri ɗaya, shi ya sa maganin da ya yi wa wannan aiki bai yi wa wancan ba.

## Famwaya biyu ne, ba ɗaya ba

Famwaya ita ce manhajar da ke dashe a cikin na'ura. Akwai ta madabod, wato BIOS ko UEFI, ita ce ke tashi da farko ta tambayi kowace na'ura da ke jone wace ce ke. Sannan ita SSD ɗin kanta ƙaramar kwamfuta ce mai zaman kanta, tana da nata ƙwaƙwalwar da ake kira kwantirola, kuma kwantirolar tana da tata famwayar da take lodawa duk lokacin da wuta ta shigo. Ƙwayoyin NAND da ke riƙe da bayanan ba sa magana da kowa sai ta bakin kwantirola.

To idan aka ce SSD ba ta fitowa a BIOS, abin da ya faru shi ne BIOS ta yi sallama ba a amsa ba. Wannan bai ce komai a kan bayanan ba tukuna, hotuna da takardu na iya kasancewa lafiya lau a cikin NAND, mai gadin ƙofar ne bai amsa ba. Kuma wannan ya bambanta da a ce SSD tana fitowa a BIOS amma Windows ta ƙi tashi, wancan matsalar but ce, ba ita ake magana a kai ba.

## Taswirar da komai ya rataya a kanta

NAND tana da wani hali, ba a iya rubutu a kan wajen da aka riga aka rubuta sai an goge babban yanki gaba ɗaya. Saboda haka duk lokacin da aka canza fayil, kwantirola ba ta komawa tsohon wajen, sabon waje take nema ta rubuta, sai ta shigar a wani littafi cewa adireshi kaza yanzu ya koma shafi kaza. Wannan littafin shi ne taswirar da ke cikin abin da masana ke kira FTL, kuma ba ƙarami ba ne. A tsarin da aka fi amfani da shi kowane 4KB na bayani yana da layinsa mai bayit 4, kenan SSD mai 1TB tana da layi kusan miliyan 250, taswirar kaɗai ta kai wajen 1GB. Dalilin da ya sa ake ganin SSD mai 1TB da DRAM na 1GB kenan.

Ita DRAM ma'ajiyar wucin gadi ce mai sauri, da wuta ta ɗauke ta manta komai. Don haka kwantirola tana aiki da taswirar a DRAM saboda sauri, tana kuma sauke kwafinta cikin NAND lokaci zuwa lokaci tare da ɗan rajistar canje-canje. Idan aka kashe kwamfuta ta hanyar da ta dace, tsarin aiki yana sanar da SSD cewa za a yanke wuta, ta sauke komai ta sa alamar an rufe lafiya. Idan kuwa wutar ta yanke ba sanarwa, kwafin da ke NAND ya zama tsohon labari, kuma wani lokacin ma yankewar takan faɗo daidai lokacin da ake tsakiyar rubuta taswirar ne.

A tashi na gaba kwantirola za ta ga babu alamar rufewa lafiya, sai ta koma kwafi na ƙarshe mai kyau ta fara bin shafukan da aka rubuta bayansa tana gyara taswirar. Yawanci cikin daƙiƙu kaɗan ta gama, ba wanda ma zai lura. Amma in abin ya cakuɗe aikin na iya ɗaukar mintuna, kuma a wannan lokacin ba ta amsa kowa. BIOS kuma ba ta da haƙuri, tana jira kaɗan ta wuce. A NVMe ma, wato nau'in SSD da ke hawa layin PCIe maimakon SATA, abin a rubuce yake, SSD ɗin ce ke faɗin iyakar lokacin da za a jira ta a wani fili mai suna CAP.TO, ana ƙirga shi da rabin daƙiƙa rabin daƙiƙa, kuma mafi tsawon abin da filin zai iya ɗauka daƙiƙa 127.5 ne.

Nan ne mutane ke ƙara wa Borno dawaki ba su sani ba. An kunna ba a gani ba, a kashe, a sake kunnawa, a sake kashewa, sau goma cikin minti biyar, kuma kowace kashewa sabuwar yankewar wuta ce a tsakiyar gyaran da bai ƙare ba.

## Maƙalewar kwantirola wani abu ne daban

Akwai kuma inda taswirar lafiyarta ƙalau, famwayar ce ta shiga wani lungu ta kasa fita, kamar yadda kowace manhaja ke daskarewa. Alamarsa ita ce SSD ta ɓace ana tsakiyar aiki, kwamfuta ta yi shuɗin allo ko ta tsaya cak, a danna Restart a ga babu ita, amma in aka kashe gaba ɗaya aka zare wuta na ɗan lokaci aka kunna sai ga ta ta dawo kamar ba abin da ya faru. Sirrin shi ne Restart ba ya yanke wutar da ke zuwa wa SSD, ko 5V ɗin SATA ko 3.3V ɗin M.2, saƙon risat kawai ake aika mata, kuma kwantirolar da ta maƙale sosai ba ta jin saƙon. Sai wutar ta sauka ƙasa gaba ɗaya sannan take farawa daga farko.

Abin da ke jawo maƙalewar kala kala ne. A NVMe wanda aka fi sani shi ne barcin adana wuta, SSD ta shiga barci mai zurfi ta kasa farkawa, ko layin PCIe ɗin ya yi barci ya ƙi tashi. Masu Linux sukan ga wannan layin a dmesg:

```
nvme nvme0: controller is down; will reset: CSTS=0xffffffff
```

Waɗannan f ɗin da suka jeru ba amsa ba ce daga SSD, abin da ake karantowa kenan idan babu kowa a ɗaya ƙarshen layin. Kanel ɗin da kansa yakan ba da shawarar a gwada `nvme_core.default_ps_max_latency_us=0` da `pcie_aspm=off`, wato a hana barcin. A Windows kuma ana ganin gargaɗi mai lamba 129 a Event Viewer daga stornvme ko storahci kafin faɗuwar. Zafi ma na iya jawowa, haka wutar da ke rawa daga fawa saflai mai rauni.

Wani lokacin kuma kuskure ne tsantsa a lissafin famwaya. Crucial m4 ta yi suna da wannan, da ta cika awa 5184 a kunne sai ta daina amsawa, a kashe a kunna ta dawo, bayan awa ɗaya ta sake tafiya, haka za a yi ta yi har sai an saka famwaya 0309 da kamfanin ya fitar a farkon 2012. Bayanai ba su taɓu ba ko kaɗan. Na HPE a 2019 ya fi muni, wasu SSD ɗinsu na SAS suna mutuwa murus da sun cika awa 32,768, kuma kamfanin ya ce bayan nan ba SSD ba bayanai, sai dai a riga a saka famwaya HPD8 kafin lokacin ya yi. Alama ɗaya ce daga waje, amma ɗaya kashe wuta na tashinta, ɗayar ko an shekara ana yi a banza.

## Dabarar kanta

Ba masu gyara ne suka ƙirƙiro ta a gefe ba, Crucial da kansu sun wallafa ta a matsayin matakin farko ga SSD da ta ɓace bayan yankewar wuta. In aka lura abu biyu ne aka haɗa waje ɗaya, yanke wuta gaba ɗaya don kwantirolar da ta maƙale, da kuma ba ta wuta ba tare da kowa ya dame ta da tambaya ba don ta gama gyaran taswira.

Mu ɗauki destof mai SSD ta SATA 500GB, wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafe manyan fayiloli, aka kunna babu ita a BIOS. Kafin komai sai a kashe maɓallin bayan fawa saflai, a danne maɓallin kunnawa na gaba na 'yan daƙiƙu don sauran cajin ya zube, a jira minti ɗaya a kunna. In ta dawo a nan to maƙalewa ce. In ba ta dawo ba a canza kebul ɗin data a canza rami a madabod, saboda kebul ɗin SATA na lalacewa fiye da yadda ake zato, kuma a tuna ko kwanan nan an ƙara M.2, don madabod da yawa suna kashe ramin SATA ɗaya ko biyu da zarar an cika wani ramin M.2, littafin madabod ɗin zai faɗa.

Duk an yi wannan shiru, sai a zo kan dabarar. A kashe kwamfuta, a zare siririn kebul ɗin data mai fin 7, a bar faffaɗan na wuta mai fin 15 a jikinta. A kunna a bar ta haka minti 20 zuwa 30, ba a taɓa komai, tunda ba abin but kwamfutar za ta tsaya a BIOS ko a saƙon kuskure, wannan ba matsala. Sai a kashe, a zare na wutar ma na daƙiƙa 30. A maimaita zagayen sau ɗaya ko biyu, sannan a mayar da kebul ɗin data a duba.

Minti 20 ɗin ba wata lamba ce mai asiri ba, lokaci ne kawai da ya wadatar. Ita kuma daƙiƙa 30 ɗin don kafasitocin da ke jikin allon su huce ne kwantirola ta ga yankewar gaske.

A laftof ko M.2 ba a iya raba wuta da data tunda baki ɗaya ne. Abin da ake yi shi ne a jona caja, a shiga BIOS a bar ta zaune a nan na rabin awa, sannan a kashe. Sai dai laftof mai batir a ciki ba ta cika yanke wuta da gaske ba, ga kuma Fast Startup na Windows da ke sa Shut down ya zama rabin barci, don haka in ana iyawa a zare SSD ɗin daga raminta na minti ɗaya, bayan an cire caja da batir. Wasu suna saka ta a akwatin USB su jona da kan caja maimakon kwamfuta don ta samu wuta zalla. Ga SATA wannan yakan yi, ga NVMe kuwa ya danganta da akwatin, wasu ba sa sakar wa SSD wuta sai sun ga kwamfuta, wasu kuma suna sa ta barci bayan 'yan mintuna.

## Yadda ta dawo shi ke faɗin cutar

A misalin namu abu huɗu ne zai iya faruwa. Na farko ta fito da sunanta daidai da 500GB ɗinta, wannan shi ne ake fata.

Na biyu ta fito amma da baƙon suna ko girman da bai yi kama da nata ba. Wannan alama ce kwantirola na raye amma ta kasa karanta taswirar ko wani ɓangare na famwayarta daga NAND, sai ta faɗa yanayin ko-ta-kwana. SSD masu kwantirolar Phison S11, irin su Kingston A400, sukan koma suna SATAFIRM S11. Intel 320 a 2011 takan koma 8MB bayan yankewar wuta, da lambar siriyal mai farawa da BAD_CTX. In aka ga irin wannan a daina zagayen wuta, ba zai ƙara komai ba. Kuma in Windows ta nemi a yi Initialize Disk ko Format kada a amsa, sannan manhajojin masana'anta da ake yawo da su a intanet don "gyara" irin wannan SSD suna dawo da ita ne ta hanyar sabuwar taswira fanko, SSD ta tashi bayanai sun tafi. Mai buƙatar bayanan wajen masu ceto data zai nufa, su suke da kayan da ke shiga kwantirolar ta bayan gida su sake gina taswirar.

Na uku ta fito, ana karantawa amma ba a iya rubutu. Da gangan famwaya ke yin haka idan ta ga NAND ta gaji ko kurakurai sun yi yawa, a kwashe kawai a sallame ta.

Na huɗu shiru har bayan zagaye uku. A taɓa jikinta bayan ta jima a wuta, in sanyi ƙalau to wataƙila wuta ba ta kaiwa kwantirola, fis ko ɓangaren rarraba wuta ya tafi, in kuma waje ɗaya ya yi zafin da yatsa ba ya jurewa cikin daƙiƙu to shot ne, a zare nan take. Irin wannan wani lokacin ya fi sauƙin gyara a hannun mai aikin allo fiye da ruɓewar taswira. Abin da ba ya yiwuwa a yawancin SSD na yanzu shi ne a ciro ƙwayoyin NAND a karanta su a wani waje, saboda kwantiroli da yawa suna rufe bayanan da makullin da su kaɗai suka sani.

## Inda aka rabu a ra'ayi

Masu goyon bayan dabarar hujjarsu mai sauƙi ce, ba ta cin ko sisi, ba a buɗe komai, kamfani ma ya faɗe ta, kuma mutane da yawa sun dawo da SSD ɗinsu da ita. Masu ceto data kuma suna taka-tsantsan, suna cewa SSD da aka ba wuta ba zaune take ba, tana share shafukan da take ganin shara ne tana matsar da bayanai, to in taswirar da ta gina ba daidai ba ce tana iya goge abin da da za a iya cetowa, kuma gogewar NAND ba ta dawowa. Akwai kashi na uku da ke cewa yawancin nasarorin da ake ba da labari yanke wutar ne ko sake zaunar da kebul ya yi aikin, minti talatin ɗin rakiya kawai ya yi.

In aka auna, ba su saɓa sosai ba, darajar bayanan ce ke raba gardama. SSD da wasanni ne kawai a kanta ko wadda ke da bakof, a gwada zagaye biyu ko uku ba asara. Wadda ke ɗauke da kwafi ɗaya tilo na abin da ba a iya sake samu, yanke wuta sau ɗaya da canza kebul ya isa, in an matsa zagaye ɗaya, daga nan a tsaya. Batun kashi na uku kuma ba ya canza komai a aikace tunda matakan a jere suke, mai sauƙin ake fara yi.

Irin wannan ruɗanin ya sake tasowa a Agustan 2025, lokacin da aka yi ta ba da rahoton SSD na ɓacewa ana tsakiyar rubuta manyan fayiloli bayan sabuntawar Windows 11 mai lamba KB5063878. Microsoft ta ce ba ta ga alaƙa ba, Phison ta ce ta yi gwajin sama da awa 4,500 ba ta iya maimaita matsalar ba. Abin da ya sa irin wannan ke wuyar yankewa shi ne ɓacewa a ƙarƙashin dogon rubutu na iya zuwa daga zafi, ko wuta, ko famwaya, kuma duk alamarsu ɗaya a idon mai kwamfuta.

## Idan ta dawo

Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi hamdala a ci gaba da aiki. Wataƙila wannan tashin shi ne na ƙarshe, don haka kada a kashe, kada a yi Restart, kada a yi chkdsk, a fara kwafe mafi muhimmanci zuwa wani waje. Wanda ya iya Linux gara tun a kunnawar da zai duba ko ta dawo ya tashi daga filasha ya ɗauki hoton SSD ɗin gaba ɗaya, saboda ddrescue na riƙe inda ya tsaya, in ta sake ɓacewa a tsakiya a yanke wuta a dawo a ci gaba daga nan. A tabbatar da sunan na'urar da `lsblk` tukuna, sdb ɗin nan misali ne:

```
sudo ddrescue -n /dev/sdb hoto.img taswira.map
sudo smartctl -a /dev/sdb
```

Na biyun rahoton lafiyarta da ake kira SMART yake nunawa, CrystalDiskInfo na yin irin aikin a Windows. A NVMe a duba Unsafe Shutdowns da Media and Data Integrity Errors da Available Spare, a SATA kuma kamfanoni da dama suna ƙirga yankewar wuta a lamba 174 ko 192. Unsafe Shutdowns mai yawa shi kaɗai ba hukunci ba ne, amma in yana ƙaruwa alhali ana kashe kwamfutar yadda ya kamata to akwai abin dubawa a yadda ake yanke mata wuta. Media errors da ba sifili ba kuwa, ko Available Spare da ke sauka, wannan NAND ce da kanta. SMART mai nuna komai kore ma ba wanke ta ya yi ba, maƙalewar famwaya sau da yawa ba ta barin sawu a can.

Sabunta famwayar SSD sai bayan an gama kwafe, ba kafin ba, kuma da caja a jone ko UPS, don yankewar wuta a tsakiyar wannan aikin na iya kashe ta gaba ɗaya. Wadda ta ɓace sau ɗaya bayan yankewar wuta da aka sani, ta dawo SMART ɗinta tsaf, ana iya ci gaba da ita da bakof a gefe. Wadda ta ɓace sau biyu ba dalili, bayan an canza kebul an hana barcin an sabunta famwaya, a mayar da ita in garanti bai ƙare ba, kuma a goge ta da Secure Erase ko Sanitize tun tana amsawa, don in ta sake yin shiru ba sauran hanyar share abin da ke cikinta kafin a aika.